Wig ɗin da na saya a matsayin gashin mutum, ku duba min hoton nan

Rahila: Sannunku da sanyi 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san gashi. Sati uku da suka wuce na sayi wig a wurin wata mai sayarwa a intanet, daga Legas ta turo min shi a mota zuwa Jos. Inci 22 ne, miƙaƙƙe, mai kulosha, wato ɗan leshin nan mai gashi da ke rufe gaban kai wajen tsaga, naira 185,000. Ta rantse min gashin mutum ne zalla. Sau biyu kacal na wanke shi, yanzu wajen ƙeya sai cukurkuɗewa yake yi, in na sa shi da safe kafin azahar ya dunƙule. Bikin ƙanwata saura kwana 12, kuma domin bikin na tara kuɗin nan. Ga hotuna uku na turo, na farko nata ne da ta sa a talla, biyun na ɗauka yanzu a ɗakina. Don Allah gashin mutum ne ko roba?

Maman Ihsan: Roba ce wannan ƙanwata. Ki dubi yadda yake ƙyalli a hoto na biyu. Gashin mutum ba ya sheƙi haka.

Nanret: Ni kuma a idona na mutum ne. Nawa da na saya a kasuwar Terminus haka yake, shekara biyu ke nan yana nan. Iskar hunturu ce, ki shafa masa mai kaɗan.

Jummai: Wane mai kike shafawa Nanret? Gaban kaina duk ya cinye saboda kitso, ina neman abin da zai fito da shi.

Nanret: Man wig nake nufi Jummai, ba na fatar kai ba. Zan yi miki magana ta gefe.

Hauwa Mai Hoto: Maman Ihsan, bari in sa baki a kan maganar ƙyallin nan, tunda ɗaukar hoto ce sana'ata. Hoto na biyu da filashin waya aka ɗauka, ana ganin inuwar wig ɗin a bango. Filashi yana fita ne daga gefen idon kyamara, ya daki gashi ya dawo kai tsaye, saboda haka ko gashin kanki kika gyara kika shafa mai zai yi wannan farin layin. Na farko kuma da fitilar zobe aka ɗauka, wadda masu talla ke amfani da ita, an tsefe gashin an jera shi. Amare nawa na ɗauka da gashin roba ya fito a hoto kamar na miliyan, wata kuma nata mai tsada ya fito kamar leda don rana ta dake shi. Ga shi manhajar da muke hirar nan tana matse hoto kafin ya iso, ƙananan bayanai duk sun tafi. Abin da muke gani a nan haske ne, ba gashi ba.

Maman Ihsan: To amma ai roba ta fi ƙyalli, wannan kowa ya sani.

Anti Ladi: Gaskiyarki rabi Maman Ihsan. Robar da, irin ta kitso mai araha, tana da ƙyalli na daban, ko daga nesa za ki gane ta. Amma yanzu ana yin zaren roba da aka kashe masa sheƙi da gangan, kuma akwai gashin mutum da aka lulluɓe da silikon yana walƙiya fiye da robar. Shekara 19 ina wanke kai ina ɗinka wig a Bukuru, kuma wallahi ba zan rantse a kan hoto ba. In gashi bai zo hannuna ba, ban san shi ba.

Rahila 'yata, ga abin da ya sa. Kowane silin gashin mutum yana da ɓawo a jikinsa, ƙanana-ƙanana, an jera su kamar yadda ake jera kwanon rufi ɗaya bisa ɗaya, duk suna kallon ƙasa daga tushe zuwa baki. Roba ba ta da wannan, sumul take. Wannan ɓawon shi ne bambancin da ido zai iya kamawa, amma silin gashi gaba ɗaya kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ɓawon kuma ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsa. Wayarki ko ta nawa ce ba za ta nuna shi ba.

Amma hotonki na uku ya gaya min wani abu. Matsalar a ƙeya take, inda gashi ke gogar wuya da riga, saman kai kuma lafiya lau. Abu biyu ke kawo haka. Ko dai an gauraya shi da roba a layukan baya, ko kuma gashin mutum ne amma wanda aka tsinto, ba wanda aka yanko ba.

Rahila: Anti ban gane tsinto da yanko ba.

Anti Ladi: Gashi mai kyau ana ɗaure shi ne a kan mai shi, a yanke gaba ɗaya, tushe yana gefe guda baki yana gefe guda. Shi ake kira remi. Tunda ɓawon duk hanya ɗaya yake kallo, silin ba ya kama ɗan'uwansa. Ɗayan kuma wanda ya zube ne a mataji ko a ƙasa, ana bi gida-gida ana saye a ƙasashen Asiya, a warware shi a jera. Wani sili kansa sama, wani kansa ƙasa. In aka bar shi haka ɓawon zai riƙa sarƙewa, sai kamfani ya tsoma shi a asid ya cinye ɓawon, sannan a shafe shi da silikon ya yi santsi. Ranar da kika buɗe kwali za ki ce ba a taɓa yin gashi kamarsa ba. Wanki biyu, uku, silikon ya fita, sai ya bushe ya fara dunƙulewa. Kuma mai sayarwa ba ta yi ƙarya ba in ta ce na mutum ne, don na mutum ɗin ne. Ba dai irin wanda kika biya kuɗinsa ba.

Hajiya Binta: Ni ina da tambaya ta daban. Da gaske ne gashin matattu ake yankowa? Tun muna yara muke ji.

Anti Ladi: Hajiya, inda aka san ana samo shi a fili yake. A kudancin Indiya akwai wurin bautar Hindu na Tirupati, mutane na zuwa su aske kansu domin cika alwashi, hukumar wurin ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Akwai matan karkara a Biyetnam da Miyanma da ke sayar da nasu, sai kuma na matajin da na faɗa. Yawancinsa a Chana ake sarrafa shi, musamman wani gari Xuchang a lardin Henan. Abin da kike gani an rubuta na Burazil ko na Feru, sunan kasuwa ne kawai. Haka su 10A da 12A da ake rubutawa a matsayin darajar gashi, babu wata hukuma da ke ba da wannan lambar, kowane kamfani shi ke liƙa wa kansa.

Hajiya Binta: To ni dai abin da na sani, hadisi ya zo a Buhari da Muslim an la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Ina tuna wa 'yan'uwa musulmi ne.

Zainab A.: Hajiya kin taɓo inda ke damuna, amma ni matsalata a juye take. Yayata ta yi jinya gashinta ya zube duka, sai hankalinta ya tashi. Malamin da muka tambaya ya ce mu guji na mutum, kuma ya yi mata bayanin halin lalura. Muka je kasuwa muna cewa roba muke so, mai shago yana ta tura mana wani wai gauraye ne, ya fi laushi. Mu ba mu san me ke ciki ba. Saboda haka gwajin da zai nuna akwai gashin mutum ko babu, ni ma ina jiransa.

Maman Joy (mai kula da zaure): Hajiya mun gode da tunatarwa, Zainab Allah ya ƙara wa yayarki lafiya. A zauren nan akwai musulmi akwai kirista, maganar hukunci kowa ta kai wa malaminta. Mu tsaya a kan gane gashin, tunda kun ga kowane ɓangare yana buƙatar sani.

Nanret: Rahila ki sa masa ƙarfen miƙar da gashi kawai. In bai narke ba, na mutum ne. Haka muke yi a shago kafin mu biya.

Anti Ladi: Da can wannan gwajin yana aiki Nanret. Kanekalon ta kitso, wadda muke tsoma bakinta a ruwan zafi ta kwanta, ita ƙarfe yana taɓa ta za ta ƙanƙance. Amma akwai robar da aka yi don ta jure zafi, wasu har kusan digiri 180, kuma ita ake gaurayawa da gashin mutum saboda sun san mai saye za ta gwada da ƙarfe. Masu talla ma shi ya sa suke son nuna wannan a bidiyo. In dai ƙarfen za ki yi amfani da shi, ki murɗe gashin ya yi lanƙwasa, ki bari ya huce, sannan ki jiƙa shi da ruwan sanyi. Na mutum yana shan ruwa, lanƙwasar za ta sake. Roba ba ta shan ruwa, yadda zafi ya kafa ta haka za ta tsaya.

Amma Rahila, ke ashana za ki fara nema. Ki juya wig ɗin ciki waje. Ki yanko sili biyar-biyar daga wuri huɗu: jikin kulosha, layin da ke bin bayanta, tsakiyar kai, da layi biyu na ƙarshe a ƙeya. Kada ki haɗa su. Ki riƙe da hantsaki ki ƙona sili ɗaya-ɗaya, a waje, nesa da wig ɗin, da kofin ruwa a kusa. Gashin mutum yana ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Sallah, wutar tana ci ta mutu da kin janye ashana, abin da ya rage a baki kuma in kin murza ya zama gari. Roba tana gudun wutar, ta naɗe, ta narke, ta yi warin leda, ta bar ɗan ƙwallo mai tauri da ba ya murzuwa. Ki bari ya huce kafin ki taɓa, robar da ta narke tana manne wa fata.

Rahila: Anti ai kafin in biya ta turo min bidiyo tana ƙona shi, ya zama toka a hannunta.

Hauwa Mai Hoto: Daga ina ta cire silin a bidiyon? Kin ga lokacin da ta yanko, ko dai kawai kin gan shi a hannunta?

Rahila: Na koma na kalla. Daga gaba ta cire, wajen tsagar.

Anti Ladi: To kin gani. Kulosha daban ake sayenta, ɗaurin gashin da ake ɗinkawa a baya daban. Sau da yawa kuloshar ta mutum ce ta gaskiya, saboda nan ido ke sauka, nan kuma mai saye ke taɓawa. Bidiyo kuma ba ya kawo wari. Ki je ki yi naki.

Kaka Talatu: Ku yaran yanzu da kuɗin buhun masara nawa a kai. A zamaninmu zare ne da kitso. Amma a cuci yarinya a kan guminta ba daidai ba ne, a taimaka mata.

Rahila: Na dawo. Na kulosha biyar ɗin duk sun yi ƙaurin gashi, sun zama gari. Layin bayanta ma haka. Na tsakiya huɗu gari, ɗaya ya naɗe ya yi ƙwallo. Na ƙeya uku sun yi ƙwallo mai tauri, biyu gari. Hannuna har rawa yake yi. Amma ina shakka, don bayan na ƙona da yawa hancina ya daina bambancewa, kuma silin ƙanana ne, ƙwallon da ƙyar nake jinsa.

Anti Ladi: Yi haƙuri 'yata. Shakkarki daidai ce, shi ya sa nake da gwaji na biyu wanda ba ya buƙatar hanci. Ki yanko sili 20 daga layin ƙeya, ki ƙirga su da kyau. Ki wanke da sabulun wanke kwanuka don silikon ya fita, in ba haka ba zai jinkirta aikin. Ki zuba haipo na wanki a ƙaramar kwalbar gilashi, kada ki sirka da ruwa, kada ki haɗa da wani sabulu ko maganin banɗaki, ki ajiye inda iska ke shiga kuma yara ba sa kaiwa. Ki jefa silin a ciki. A wata kwalbar ki jefa gashin kanki daga mataji, shi ne shaidarki cewa haipon yana da ƙarfi. Haipo yana cinye gashi, za ki ga ƙananan kumfa a jikinsa, ya yi fari, ya yi laushi, ya narke. Roba ba ya cin ta. Ki duba bayan awa ɗaya, in na kanki bai gama narkewa ba ki ƙara lokaci. Lokacin da naki ya ɓace, duk abin da ya rage a ɗaya kwalbar ba gashi ba ne.

Zainab, ke ma wannan za ki yi, sai dai ke abin da ya ɓace za ki lura da shi. Kin sa 20, kin tarar da 20, babu gashin mutum a wurin da kika yanko.

Zainab A.: Allah ya saka da alheri Anti. In wasu sun narke fa, tabbas na mutum ne?

Anti Ladi: A nan gwajin gida ya tsaya. Wuta da haipo suna gaya miki cewa gashin wata halitta ne, ba sa gaya miki wace halitta. Gashin dabba, irin na saniyar nan mai dogon gashi ta tsaunukan Asiya da ake kira yak, shi ma ƙauri ɗaya yake yi, ya narke a haipo. Ana gauraya shi a wasu kayan. Da hannu nakan ji ya fi kaushi, amma ba zan ce miki ba na kuskure ba. Mai rabewa sosai sai madubin gwaji.

Sadiya Kayan Kwalliya: Ina ta karantawa na yi shiru, amma bari in faɗi ta ɓangarenmu. Ni ma ina sayar da gashi a Abuja, kuma ba duk mai sayarwa ce ta san abin da ke cikin kwalinta ba. Mu ma da hoto da bidiyo muke oda. Bara wani dila ya turo min samfuri ɗauri biyu masu kyau, na ƙona, na rina, komai lafiya. Na tura kuɗin ɗauri 30. Da kayan suka iso ban sake gwadawa ba, na sayar, bayan wata ɗaya mata huɗu suka dawo min da shi. Kuɗin aljihuna na mayar musu, dilan kuma ya daina ɗaga waya. Rahila ki fara yi mata magana cikin mutunci, mai yiwuwa ita ma an yi mata ne.

Sannan kada a ce hoto ba shi da amfani kwata-kwata. Ni kafin in biya sai an ɗora ɗaurin a sikeli an ɗauko min, ya kamata ya kai wajen giram 100. Sai an miƙar da shi kusa da tef na ga incin. Sai an nuna min bakin gashin a kan farar takarda, in ga cike yake ko ya sirance kamar jelar ɓera. Ɗinkin layin, girman leshin kulosha, ƙullin da ke jikinta, duk hoto na nunawa.

Hauwa Mai Hoto: Wannan haka ne. Ki ce a ɗauka a bakin taga da rana, ba filashi, ba tacewa, kuma a turo a matsayin fayil don kada a matse shi. Launi ma za ki fi kusantar gaskiya, don waya tana gyara launi da kanta, baƙi mai ɗan ja ya koma baƙi ƙirin.

Maman Ihsan: Ni har yanzu ina ganin mai ido tana ganewa. Ai da na ce roba ce tun farko, ga shi ta tabbata.

Nanret: Ni ma da na ce na mutum ne, gaban ai na mutum ne Maman Ihsan.

Anti Ladi: Ku duka hoton saman kai kuka kalla, robar kuma tana can ƙasa inda hoton bai kai ba. Sadiya, ban musa miki ba, ana cutar masu sayarwa. Amma wadda ta yanko sili daga gaba kaɗai ta ƙona a bidiyo, ni zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Mai sana'ar gashi ta san inda ake ɓoye abu.

Sadiya Kayan Kwalliya: Anti da yawa daga gaba suke cirewa don nan ne kusa da hannu. Ni kaina haka nake yi kafin abin ya same ni.

Rahila: Ga sakamakon haipo. Gashin kaina ya ɓace tun ɗazu, na ƙara rabin awa don in tabbatar. A ɗaya kwalbar na tsamo sili 9 da tsinke, baƙaƙe, ko launinsu bai canza ba, na ja ɗaya bai tsinke ba. Wato 11 sun narke. Na yi bidiyo tun daga yankowa har tsamowa. Na tura mata, ta ce ita ba ta san wannan gwajin ba, kuma ba a mayar da wig da aka wanke aka yanka. Ta ce za ta rage min 20,000 in zan sayi wani.

Maman Joy (mai kula da zaure): Kada ki goge komai, tallar da ta rubuta gashin mutum zalla, hirarku, da shaidar tura kuɗi. In ta ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ana kai ƙorafi. Amma don Allah kada a sa sunanta ko lambarta a nan.

Sadiya Kayan Kwalliya: Ki ce mata ta yanko daga ƙeyar wani wig cikin kayan da suka zo tare, ta gwada da kanta. Amsar da za ta ba ki za ta nuna miki ko ta sani ko ba ta sani ba.

Rahila: Zan gaya mata. Anti, bikin fa? Akwai abin da za a iya yi da shi?

Anti Ladi: Kawo shi ranar Talata in gani. Kuloshar da layukan sama za su zauna. Zan farke layi uku ko huɗu na ƙasa, in akwai hali ki sayi ɗauri ɗaya mai kyau mu ɗinka a wurin, mu gwada shi a gaban mai shago kafin ki biya. In babu hali, sai mu rage tsawon ya tsaya a kafaɗa, gogar riga za ta ragu. Kafin nan kada ki sa masa ƙarfe mai zafi sosai, kada ki yi gangancin rina shi, don robar ba za ta karɓi rini ba, zai fito kala biyu. Layukan da za mu farke kuma ki adana su a leda, ko za a nemi shaida.

Zainab A.: Anti in babu damuwa ni ma zan zo da na yayata ranar Talatar, mun riga mun saya jiya.

Anti Ladi: Ku zo da safe kafin shago ya cika. Ki taho da haipo sabo, nawa ya daɗe a buɗe.